Ƙanƙara Kilo Takwas

Yayana ya san komai. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadi a wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtua, kuma tun daga lokacin babu wani inji da ya gagare shi bayani, duk da cewa bakin ƙofa ya tsaya. Ya girme ni da shekara bakwai. A gidanmu ba a musu da babba, ni kuma na riƙe wannan tarbiyya har furfura ta fito mini. Idan Yaya ya ce hadari ya taso daga yamma, ko daga gabas nake ganinsa sai in ce Allah Ya ba mu mai albarka.

Mai ɗakina kuwa abu ɗaya take taƙama da shi, kunun aya. Da dabino da kwakwa da ɗan kanumfari take yi, kuma a unguwarmu babu wanda ya taɓa sha ya tafi bai waiwayo ba. Sai dai kunun aya ba ya da haƙuri. Ka bar shi a zafi daga safe zuwa la'asar, ya yi tsami, ya fara kumfa, robar ta kumbura. Haka ta faru da mu a sunan jikanmu na fari a Dayi, inda 'yarmu take aure. An buɗe kunu a gaban mata, surukar 'yarmu, wata Hajiya mai magana a hankali, ta kurɓa, ta ajiye kofin, ta ce ashe a Funtua da ruwan tsamiya ake dama aya. Shekara uku matan gidan suna kiran mai ɗakina Mai Tsamiya, a bayan idonta da kuma ɗan gefensa.

To, sai aka sake haihuwa, ana tsakiyar bazara. Ranar da labari ya zo, kafin ta tambaya ko mace ce ko namiji, mai ɗakina ta ce, “Malam, lita arba'in zan yi. Kuma in ya sake tsami, ni ba zan ƙara taka garin nan ba.”

Matsalar ita ce lokaci. Dole mu isa Dayi ana gobe suna, don mai ɗakina ce uwar mai jego, girki na jiranta. Maza za su yi raɗin suna da safe, mata kuma sai bayan azahar suke taruwa. Wato daga rufe kula a Funtua zuwa buɗe ta a gaban Hajiya kwana ɗaya cur ne, har da ɗoriya. Gidan kuma ba firij, wutar ma baƙuwa ce a can.

Na ɗauki kula ɗaya cikin manyan guda biyu da muka aro, na nufi wurin mai ƙanƙara a bayan kasuwa. Bayerabiya ce haifaffiyar Funtua, Hausarta ta fi tawa gudu, kowa Madam yake ce mata. Iyayenta sun sa ta makaranta har ta yi nisa, daga baya ta gaji shagon uwarta, ta zuba firiza uku da janareto. Na tambaye ta ƙulli nawa zai ishe ni kwana guda.

Ta ce, “Malam, ni ba boka ba ce. Kularka za mu tambaya.”

Ta ɗora dunƙulen ƙanƙara a sikeli, kilo goma, ta ce in sa a kula, in rufe, in lulluɓe da bargo, in ajiye a inuwa, kada in buɗe sai gobe war haka. Na ce bargo kuma, ai ɗumi yake sawa. Ta ce bargo ba ya da garwashi a cikinsa, jikina ne mai zafin, shi tarewa kawai yake yi. Yadda yake hana zafina fita, haka zai hana na waje shiga.

Washegari na mayar mata da abin da ya rage. Kilo biyar. Ta ce to ga amsata nan: wannan kula, a wannan zafi, kilo biyar take ci a kwana ɗaya ko da babu komai a cikinta, saboda zafi yana ratsa bangonta a hankali, ƙanƙara kuma tana shanye shi. Ta ƙara uku saboda hanya da buɗe-buɗe. Takwas ke nan, da sharaɗin kunun ya shiga da sanyinsa. Idan da ɗumin ɗaki aka zuba lita ashirin, sai ya cinye kusan kilo bakwai kafin ma shi kansa ya yi sanyi.

Na ce ni dai abin da ban gane ba, ruwan sanyi da ƙanƙara ai duk sanyi ne, me ya sa sai dunƙule.

Ta farfasa ƙanƙara ta cika wata ƙaramar tukunya, ta ɗora a kan risho, ta miƙo mini cokali ta ce in yi ta juyawa, in riƙa tsoma yatsa. Wuta na ci sosai a ƙasa. Minti biyu, ruwa ya fara taruwa, na tsoma yatsa, sanyi ƙarara. Minti biyar, ruwa ya fi ƙanƙara yawa, sanyin yana nan yadda yake. Sai wajen minti takwas gutsure na ƙarshe ya ɓace. Ta ce in ci gaba, kada in taɓa wutar. Kafin wasu minti takwas ɗin su cika tururi ya fara tashi, kuma yatsana ya ƙi shiga.

Ta ce, “Ka gani? Wutar ba ta canza ba. Minti takwas na farko duk zafin ya tafi wajen narkar da ƙanƙara, ruwan bai gusa daga sifiri ba. A makaranta ɓoyayyen zafi muke ce masa, don yana shiga amma ma'auni ba ya nuna shi. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, shi ne zai ɗauki kilo ɗaya na ruwa daga sifiri ya kai shi digiri tamanin. Ruwan sanyi kuwa, ɗan zafi kaɗan ya shige shi ya fara hawa. Kafin ya hau digiri takwas, kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙanƙara ke shanyewa kawai ya sha. Kilo goma na ruwan sanyi da ƙyar ya yi maka aikin kilo ɗaya na ƙanƙara.”

Na ciro littafina na ajin yaƙi da jahilci na rubuta a bayan bango: biyar na kula, uku na hanya, bakwai in kunu bai yi sanyi ba. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya yi aikin hajji.

A zaure na tarar da Yaya. Na yi kuskuren nuna masa littafin.

Ya riƙe shi nesa da ido, ya ce, “Wato ka shekara hamsin kana shan ruwan randa, yau mai tallan ƙanƙara ta koya maka sanyi. Boko a tsufa ke nan. Kai, mai sayar da abu ai ko gishiri ne cewa zai yi buhu guda kake bukata. Mu da muka ga injinan Turawa ba mu taɓa jin zafi ya ɓuya ba. Ina zai ɓuya, ƙarƙashin gado?”

Na ce gaskiya ne, Yaya.

Ya ce a bar masa kula ɗaya, shi zai shirya ta, don in ga yadda manya ke aiki. Akwai wani abokinsa mai shagon lemo, zai ba shi ledojin ruwa daga firiza. A cewarsa riba biyu ce, su sanyaya kunu, in an isa kuma a sha su. Na ce to, Yaya. Mai ɗakina tana jin mu daga tsakar gida. Taɓaryar da take daka kanumfari da ita ta ƙara nauyi.

Ranar tafiya an gama tace kunu da sassafe, aka ɗura a robobi. Na kai rabi wurin Madam ta sa a firiza ya yi sanyi. Ɗaya rabin Yaya ya ce a bar shi a gida, yawo da kunu a gari ba dabara ba ce, ai dama aikin kula ke nan ta sanyaya. Da azahar na dawo da nawa da kilo takwas na ƙanƙara mai tauri kamar dutse, na jera robobi, na sa dunƙulen a tsakiya da sama, na rufe, na naɗe da bargon da muke rufa da shi da sanyi.

Yaya ya iso da ledojinsa guda ashirin a buhu. Na ɗauki ɗaya. Daga waje ƙanƙara ce, da na girgiza sai na ji ruwa yana motsi a ciki. An ɗauke wuta kafin su gama daskarewa, ɓawon ne kawai ya kama. Cikin kilo goma ɗin nan, in aka sami biyu da rabi na ƙanƙarar gaske an yi arziki. Na ce a hankali, “Yaya, kamar ba su daskare ba.”

Ya ɗora mini ɗaya a wuya, na zabura. Ya ce, “Ka ji sanyi ko ba ka ji ba?”

Na ce na ji.

“To sanyi sanyi ne.”

Ya dubi kulata a naɗe da bargo ya yi dariya har da tari. Ya ce wa direban motar da muka ɗauka, “Ka ga ƙanena. Ƙanƙararsa zazzaɓi take yi.” Direban ya yi dariya shi ma, saboda Yaya ne a kujerar gaba.

Muka kama hanya rana na tsakiyar ka. A Bakori Yaya ya sa aka tsaya, ya buɗe but ɗin motar, ya ɗaga murfin kularsa, ya sa hannu ya ce madalla. A Malumfashi ya sake dubawa, ya ciro leda biyu, ya sha ɗaya ya ba direba ɗaya, ya ce kun ga amfanin dabara. Duk ledojin sun riga sun zama ruwa zalla. Ya miƙa hannu zai ɗaga bargon tawa ya gwada, na ce masa igiyar ta yi ƙulli mai wuyar kwancewa. Ban yi ƙarya ba, ni na ƙulla ta haka.

A Dayi aka tarbe mu da mutunci. Hajiya ta fito ta gaishe da mai ɗakina, ta dubi kuloli biyu da ake saukewa, ta ce, “Ikon Allah, har da wahala haka? Ai da kun bari, muna da tsamiya a nan.” Mai ɗakina ta ce babu komai, Hajiya. Aka ajiye kulolin a wani ɗan ɗaki kusa da zaure, inda suke tara buhunan masara.

Da safe, bayan an yi addu'a an raɗa wa yarinya suna, ana rabon goro da dabino, na zame na shiga ɗakin masara. Na ɗaga murfin kular Yaya. Iskar da ta fito ba ta fi ta bakin rijiya sanyi ba. Robobin sun yi ciki kamar masu wata bakwai. Na ɗan murɗa murfin ɗaya, ta yi tsaki, warin tsami ya bugi hancina. Lita ashirin, aya da dabino da kwakwa da tsayuwar mai ɗakina tun asuba, duk sun tafi.

Ina tsaye sai ga Yaya. Ya sunsuna, ya ɗauki roba ya duba ta sama da ƙasa kamar likita. Ya ce ayar bana ce ba ta da kyau, kuma dama ya lura tun a Funtua, ya dai yi shiru ne don kada ran mace ya ɓaci. Sannan ya ce, “To, buɗe taka. Maza sun cika zaure, na riga na gaya musu akwai kunun Funtua. Limamin garin ma yana nan.”

Na yi lissafi a raina. Maza sun kai arba'in. Idan aka buɗe, kowa roba ɗaya, an gama, ba abin da zai kai azahar sai ruwan ƙanƙara. Mazan ba su san da wata Mai Tsamiya ba, su shayi ma ya ishe su. Wadda aka yi kunun dominta tana cikin gida tana jiran azahar da kofinta.

Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, kuma ranar ma ban ce ba. Na juya na zauna a kan kular.

Ya ce, “Mene ne haka?”

Na ce, “Bayana ne ya riƙe, Yaya. Motar jiya.”

“Tashi ka zauna a buhu.”

“Buhun ya yi tsawo. Nan ne daidai.”

“Ina magana kana zaune?”

“Wallahi da kunya nake zaune, Yaya.”

Ya tsaya yana kallona. Ina jin tun da aka haife ni bai taɓa kallona tsawon haka ba. Ya fita, ya dawo da man zafi, ya ce in tashi ya shafa mini. Na ce Allah Ya saka da alheri, ya shafa a zaune. Ya shafa kuwa, da ƙarfin da bai kamaci mara lafiya ba. Ya sake fita, sai ga surukinmu mijin 'yar tamu ya zo ya durƙusa yana yi mini sannu, ya ce ko a kai ni asibitin Malumfashi. Na ce a'a, irin wannan ciwon zama yake so. Daga zaure ina jiyo Yaya yana yi wa mutane bayani cewa kunun aya da safe yana sa sanyin ƙirji, shi ya sa ya hana a raba. Aka ce Allah Ya ƙara basira.

Na zauna a nan daga hantsi har azahar. Ɗakin kwano ne, gumi ya jiƙa mini riga, man zafi yana cin bayana, ƙwarin masara suna yawo a ƙafata. A ƙarƙashina kuma, bayan bargo da bangon kula, ƙanƙara tana ta aikinta shiru, tana shan zafin Dayi tana zama ruwa. Ban san nawa ya rage ba, kuma ban isa in duba ba. Na yi ta maimaita biyar da uku a raina. Lokacin salla ma sai da na aika aka kira mai ɗakina ta karɓe ni zaman. Ta shigo, ta ga robobin Yaya, ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, “Malam, ka san haka za ta faru.”

Na ce na sani.

“Kuma ka bar shi.”

“Yayana ne.”

“Ni kuma maƙwabciyarka ce, ko?”

Ta zauna a kan kular da ƙarfi, ta ce in je in yi salla in roƙa wa kaina gafara.

Bayan azahar mata suka cika gida. Na kwance igiya, na yaye bargo, na ɗaga murfi. Robobin suna tsaye a cikin ruwa mai sanyin da ke sa yatsa ciwo, ga sauran ƙanƙara dunƙule biyu suna yawo, kowanne ya fi damtsen hannu. Na ɗaga su na kimanta, za su kai kilo ɗaya da wani abu. Tun da akwai sauran ƙanƙara a ciki, ruwan bai bar kusa da sifiri ba, kunun ma haka. Aka ɗauki kular zuwa cikin gida, ni kuma na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, inda namiji zai iya jin komai ya ce bai ji ba.

Aka zuba wa Hajiya a kofi. Ta kurɓa. Sai na ji ta ce, “Ƙaro mini.” Aka ƙara. Ta shanye, ta ce, “Ba laifi. Sai dai ya yi kaɗan. Na ga kamar kula biyu aka sauke.”

Mai ɗakina ta ce, “Ɗayar ta maza ce, Hajiya. Yayan Malam ne ya shirya ta da kansa. In kina marmarin tsamiya, a ɗebo miki.”

Matan suka kwashe da dariya, har Hajiyar. Kunun bai kai ga kowa ba, wasu rabin kofi suka samu, wasu ƙamshi. Amma daga ranar ban sake jin an ce Mai Tsamiya ba, kuma da aka tashi bikin ƙanwar surukinmu, Hajiya da kanta ta aiko a tambaya ko za a samu kunu.

A hanyar dawowa Yaya yana gaba, muna baya da kuloli biyu wayam. Mun wuce Malumfashi kafin ya yi magana. Ya ce wa direba sirrin ƙanƙara ba wani abu ba ne illa bargo, kuma a kamfaninsu na auduga tun da can haka Turawa suke yi. Ya ce ya daɗe yana gaya wa ƙanensa, sai bana Allah Ya sa ya ji. Ya waiwayo ya ce, “Ko ba haka ba?”

Na buɗe baki zan ce gaskiya ne, Yaya. Mai ɗakina ta taka mini ƙafa. Na ce bayana ne ya sake riƙewa.